Zai koma Yamai ranar Juma'a, me zan rubuta masa?

Assalamu alaikum Tanti. Ina aiki a sashen kuɗi na wata ƙungiya a nan Maradi. Wanda muke buro ɗaya da shi shekara 4 ya samu babban aiki a Yamai, ranar Juma'a mai zuwa zai yi sallama da mu. Ya girme ni, kuma shi ya koya mini aikin tun ban san komai ba. Ina so in rubuta masa ƴar takardar ban kwana, amma ni matar aure ce, shi ma yana da iyali. Da farko na rubuta: "Zan yi kewarka sosai, ba zan taɓa mantawa da kai ba. Ka huta da wahalar nan. In ka samu wuri ka tuna da ni." Sai na ga kamar ya yi yawa, na goge, na rubuta "Allah ya ba da sa'a" kawai. Shi kuma sai na ga ya bushe, kamar ban gode ba. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga unguwar Zariya, Maradi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki rubuta masa. Mutumin da ya zaunar da ke ya koya miki abin da kike ci da shi yau yana da hakkin godiya a kanki, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Aurenki da nasa ba su hana godiya ba. Abin da suka yi shi ne sun zaɓa miki irin kalmomin da za ki gode da su.

Kafin ki sake ɗaukar bik, ki sa wa ranki cewa takardar nan mutum huɗu ne za su karanta ta: shi, da matarsa, da maigidanki, da diraktanku. Wataƙila ukun ba za su taɓa ganinta ba, amma takarda tana da tsawon rai. Za ta shiga aljihun riga, rigar ta tafi wanki, ko ta kwana cikin jaka har ranar da uwargida ke kwance kaya a sabon gida a Yamai. Duk jimlar da za ki iya tashi tsaye ki karanta da ƙarfi a gaban waɗannan huɗun ba tare da muryarki ta sauka ba, ta zauna. Wadda kika ji za ki so ki tsallake ta in an zo wurinta, ki cire. Na yi shekaru ina aikin sakatariya, takardun ban kwana da yawa sun bi ta hannuna, ban ga ma'aunin da ya fi wannan ba.

Yanzu mu ɗora rubutunki na farko a kan ma'aunin. Maganar kewa ba ƙarya kika yi ba, sabo ake yi wa kuka, kuma shekara 4 a ɗaki ɗaya sabo ne. Matsalar tana cikin "zan" da "ni". Idan mace ɗaya ta ce wa namiji ɗaya za ta yi kewarsa, ta kuma ƙara da alkawarin ba za ta taɓa mantawa da shi ba, kunnen Bahaushe ba ya jin buro a ciki. Jimlolin suna magana ne a kan abin da ke zuciyarki game da shi, alhali abin da ya haɗa ku aiki ne. Gyaran mai sauƙi ne, harshenmu ya riga ya tanade shi. Ki mayar da "ni" ta koma "mu", ki mayar da kewa ta koma rashi: "Za mu ji rashinka a sashen nan." Ma'anar tana nan, zafin zumuncin yana nan, amma yanzu dukan sashen ne ke magana ta bakinki, kuma abin da za a rasa shi ne hannunsa a aiki. Wuri ɗaya kawai nake so ki bar "ni" ta tsaya, wurin godiya. "Na gode" ta fi "mun gode" nauyi, domin ke aka koya wa, kuma babu mai jin wani abu a cikin godiyar ɗaliba ga malaminta.

Maganar ya huta da wahala kuwa, ki bar ta gaba ɗaya. Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, haka muke yi wa juna a baka. Amma a rubuce tana yin ɓarna biyu. Ta farko, kin zagi wurin da ke za ki ci gaba da zuwa ranar Litinin, kuma kin sa hannu a ƙasa. Ta biyu, mai tafiya yakan ji ta kamar gori, wato shi ya tsira ya bar ku a rana. Duk ƴan'uwanta haka suke: "ka haye", "kakarka ta yanke saƙa", "sai mu da aka bari". Haka nan kada albashi ya shigo, ko mota, ko girman kujera. Kin san yadda mutanenmu suke da tsoron baki. Wanda ya samu ci gaba yakan ɗan takura idan aka yi ta lissafa masa abin da ya samu, ko da mai lissafin masoyinsa ne. "Barka da wannan ci gaba, Allah ya sanya alheri" ta wadatar, ta taya murna ba ta leƙa aljihu ba.

Sai jimlar ƙarshe, wadda ta fi damuna. "Ka tuna da ni" roƙo ne, ko kin nufa ko ba ki nufa ba. A satin nan na tabbata mutane da dama sun riga sun tare shi a bakin ƙofa da irin wannan magana, wani ɗansa ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo yana zaune, wani ƙanensa ke neman ko da aikin direba ne. Idan takardarki ta ƙare da haka, duk godiyar da ke sama za ta koma kamar shimfiɗa ce aka yi wa buƙata. In har kina son wata rana ya sanar da ke idan gurbi ya buɗe a can, wannan magana ce mai kyau kuma halal, amma ranarta daban. Ki bari ya zauna, ya yi wata uku ko huɗu, ki nemi shawararsa a fili kamar yadda ma'aikaci ke neman ta wurin na gaba da shi. Takardar da ba ta roƙi komai ba ita ce za ta sa ya saurare ki a ranar.

To, in an cire duk waɗannan, me zai hana ta bushe kamar ta biyun? A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ki daɗe.

Abin da ke sa takardar ban kwana ta yi daɗi shi ne mai karɓa ya ga an lura da shi. Manyan kalmomi ba sa yin wannan. "Mutumin kirki, mai haƙuri, mai gaskiya da riƙon amana" ana rubuta wa kowa, har wanda aka ji daɗin tafiyarsa, shi ya sa ba ta taɓa zuciya. Ki zauna ki tuno abu ɗaya tak da ya faru a kan aiki, wanda idan ya karanta zai ce lallai an yi haka. Ba na cikin buronku, amma na san sashen kuɗi. Akwai ƙarshen wata, lokacin da ake daidaita littafin kuɗi da takardar banki, lissafi ya ƙi haɗuwa, kowa ya tashi ke kina zaune. Wataƙila a watanninki na farko an samu bambancin jika tara, kika bi rasit ɗaya bayan ɗaya har la'asar ba ki gano ba, shi kuma ya duba ya ce miki duk bambancin da ya rabu da 9 daidai, a fara zargin an juya lambobi biyu, sai ga shi an rubuta 45,000 a wurin 54,000. Ko kuwa ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ya tsaya tare da ke ya amsa tambayoyin da suka fi ƙarfinki bai nuna musu ke sabuwa ce ba. Irin wannan nake nufi. Naki zai bambanta, ke kika san shi. Jimla ɗaya ko biyu a kansa sun fi shafi guda na yabo.

Sai dai a zaɓen ma akwai lura. Ki ɗauki abin da ya faru a wurin aiki, a lokacin aiki, wanda wasu ma sun shaida. Idan ya taɓa ranta miki kuɗi lokacin da yaronki ke kwance asibiti, ko ya ba ki shawara a kan wata damuwa ta gida, ko ya rage miki hanya da yamma, waɗannan alheri ne na gaske, amma ba na takarda ba ne. Su ne ainihin abin da zai sa mai karatu na uku ya fara tambaya. Haka kuma, tunda kuɗin ƙungiya kuke riƙewa, kada ki rubuta adadi, ko sunan mai ba da tallafi, ko wani kuskuren da aka rufe a cikin gida. Ki ambaci darasin, ki bar lambobin a cikin littafinsu. Siffarsa ma ki bar ta: murmushinsa, muryarsa, yadda yake sa kaya. Ki yabi aikin hannunsa da halinsa ga kowa.

Daga nan sai yafiya. Mu ba ma rabuwa ba tare da ita ba, kuma takardar da babu ita Bahaushe zai ji kamar an bar ƙofa a buɗe. Amma ki yi ta a dunƙule, jimla ɗaya: zama tare ba ya rasa saɓani, a yafe. Kada ki kawo wani takamaiman abu. Na taɓa ganin wani ma'aikaci ya rubuta wa mai tafiya cewa ya yafe masa maganar da ya kai wa shugaba a kansa shekara biyu da suka wuce. Shi a ransa wanke zuciya yake yi, amma mai tafiyar ya karanta a matsayin tuhuma, ya bar garin da ɓacin rai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo idan na tuna, domin mutanen biyu suna ƙaunar juna. In akwai abin da ya tsaya miki a rai, ki faɗa da baki a buro, ko ki bar wa Allah. Kuma ki fara da neman a yafe miki, kafin ki ce kin yafe.

Addu'a ita ce rufewa, kuma a nan ki sa iyalinsa. Wannan ƴar kalma tana aiki fiye da yadda ake zato. Idan kika rubuta "a gaida Hajiya da yara", kin nuna kin san da su, kin girmama su, kuma kin buɗe takardar ga duk gidan. Matar da ta karanta ta ga an gaishe ta a ciki ba ta da abin zargi. Tafiyar ma tasu ce duka: fiye da kilomita 600 ne daga nan zuwa Yamai, yini guda a mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga neman gidan haya a gari mai tsada, ga sauya wa yara lekol, ga zama inda Zabarmanci ya fi yawa a wasu unguwanni. Addu'ar sauka lafiya da sabawa da wuri ta dace da abin da ke gabansu. Akwai kuma addu'ar da Annabi yake yi wa matafiyi, wadda ma'anarta ita ce: na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka. Ga mutumin da zai je ya riƙe dukiyar jama'a wadda ta fi ta nan yawa, ban san addu'ar da ta fi ta dacewa ba.

Ga yadda za ta iya kasancewa idan an haɗa:

"Assalamu alaikum Malam Wane. Barka da wannan ci gaba, Allah ya sanya alheri. Na gode da haƙurin da ka yi ka koya mini aikin nan tun daga tushe. Har yau duk ƙarshen wata, idan lissafi ya ƙi haɗuwa, da dabarar da ka nuna mini nake fara nema. Za mu ji rashinka a sashen nan. Zama tare ba ya rasa saɓani, abin da muka yi ba daidai ba a yafe mana. Allah ya kai ku lafiya, ya ba ka ikon riƙe amana, ya sa gaba ta fi baya kyau. A gaida Hajiya da yara."

Sai sunanki cikakke da sashenku da kwanan wata. Jimla takwas ke nan, ba ta kai rabin shafi ba, kuma haka ya kamata. Idan ta wuce rabin shafi, tsawon kansa ya zama saƙo, ko me aka rubuta a ciki. Jimla ta huɗu ita ce taki, ki cire tawa ki sa abin da ya faru da gaske. In kika kwafe tawa alhali ba a yi haka ba, zai gane nan take.

Ki lura da yadda na buɗe. Ki kira shi da abin da kike kiransa kullum a gaban mutane, Malam ne, Alhaji ne, Mushe ne. Kada ranar tafiya ta zama ranar da za ki fara kiran sunansa tsura, kada kuma ki ƙirƙiro "yayana" ko "babana" in ba da su aka saba ba. A ƙasa ma kada ki sa "taki" ko "taka har kullum", sunanki ya isa. Game da "ka" da "ku", tunda ya girme ki, in a baka kina ce masa "kun zo lafiya", to ki rubuta da "ku" daga farko har ƙarshe. In "ka" kuka saba, ki bar ta, ba raini ba ce. Abin da ba a so shi ne a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya.

Za ki iya tambaya ko da Faransanci ya fi, tunda da shi kuke rubuta komai a buro. Ni Hausa nake ba ki shawara, in dai da ita kuke gaisawa da safe. Faransancin ofis yana da jimlolin ban kwana shiryayyu waɗanda kowa ya haddace, suna fitowa kamar takardar sanarwa, kuma yafiya da addu'a ba sa zama daidai a cikinsa. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu wanda zai ga baƙon abu. Da yawanmu da muka yi lekol a nan ba a koya mana rubuta Hausa ba, muna rubuta ta da ƙa'idar Faransanci. In haka ne ke ma, kada ya hana ki, zai karanta ya fahimta. Ki dai kula da kalmomin da ƙugiya ke sauya musu ma'ana, ki karanta da ƙarfi sau ɗaya kafin ki ninke. Idan abokin aikin ba Bahaushe ba ne, misali Bazabarme ne da zai koma gida kuma Hausarsa ta kasuwa ce, sai ki yi da Faransanci, da sigar girmamawa, ki bi tsarin nan dai.

Saura yadda za ta isa hannunsa, domin kyakkyawar takarda tana iya lalacewa a hanya. Kada ki tura ta WhatsApp ɗinsa da dare. Kalmomin nan guda, idan suka shigo waya ƙarfe goma sha ɗaya yana zaune da iyalinsa, sun zama wani abu. Saƙon murya ma ki bar shi, murya tana ɗaukar abin da rubutu ba ya ɗauka, musamman idan ta yi rawa. Kada kuma ki saka ta a aljihun teburinsa a ɓoye don ya tsinta, ɓoyon shi ne zai ba ta ma'anar da ba ki nufa ba. Ki rubuta da hannu a farar takarda, ki sa a ambulan ba tare da kin liƙe ba, ki miƙa masa a buro da rana mutane suna nan, kina cewa ga ƴar godiya. Idan ma'aikata sun yi karo-karo za a ba shi kyauta, ki sa jika biyunki ko abin da kowa ya sa, ki haɗa takardar da kyautar jama'a. Kyauta ta ke kaɗai, irin turare ko agogo ko yadi, ban ba ki shawara ba. In kuma kuna da zauren WhatsApp na ma'aikata inda kowa ke rubuta nasa, za ki iya sa ta a can yadda take, domin an gina ta ne don kowa ya gani.

Maigidanki kuma ki faɗa masa tun kafin, a cikin hira: wanda ya koya mini aiki zai tafi, na rubuta masa godiya, ga ta. Minti ɗaya ne. Sau da yawa ma miji yakan ce a ƙara da gaisuwarsa, sai ki rubuta "maigidana yana gaisuwa, yana kuma godiya" kafin gaisuwar Hajiya. Idan kuwa kin san halin naki, kin san ko wannan ba zai kwanta masa ba, to kada ki yi a bayansa. Ki nemi a yi takarda ɗaya ta sashen gaba ɗaya, kowa ya rubuta layi biyu ya sa hannu, ke ki sa jimlar godiyarki a ciki. Saƙon zai isa.

Kada ki jira amsa mai tsawo. Mai shirin ƙaura kansa a cike yake, ga miƙa aiki, ga ɗaure kaya, ga sallama da dangi. In ya ce "na gode, Allah ya bar zumunci", ki ce amin, magana ta ƙare, ba sai kin bi da wani saƙon ba. Kuma ki ba shi ranar Alhamis. Juma'a rabin yini ce, za a yi ta shiga da fita ana musabaha, kafin ki ankara an fara haramar masallaci, takardar tana cikin jakarki.